Saƙo zuwa ga Malam kan maganar gawo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, barka da warhaka. Ya aiki, ya iyali, ya kuma aka ji da hidimar ɗalibai? Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Sunana Sanusi, ɗalibi a shekara ta uku ta lisans, sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Ina cikin waɗanda Malam yake koyar da su ilimin ƙasar noma ranar Talata. Wakilin ajinmu ne ya ba ni lambar Malam. Ban taɓa rubuto wa Malam ba, don haka idan na shigo a lokacin da bai dace ba, a yi mini afuwa.

Abin da ya kawo ni shi ne darasin da Malam ya yi mana kan gawo. Da Malam ya ce itacen yana zubar da ganye da damina, ya kuma tofo da rani, shi ya sa ba ya tare wa shuka rana, sai gonar mahaifina da ke ƙauyenmu kusa da Agiye ta faɗo mini a rai. Akwai gawo huɗu a cikinta, tun suna ƴan tsiro Baba ya bar su lokacin sassabe. Bana da hannuna na yi girbi a wurin. Hatsin gindinsu ya fi ni tsawo, zangarniyar ta cika maƙil, amma taku ashirin daga nan sai ka ga kara siriri, ƙasa fara fat.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini. Duk rani shanu da awaki a gindin gawon nan suke wuni, suna shan inuwa, suna cin ƴaƴan da suka faɗo, suna barin kashi. To albarkar nan daga ganyen gawo da saiwarsa take, ko takin dabbobin ne? Baba ya ce shi dai ya san gawo, sauran kuma aikin ƴan boko ne su gano. Ni kuwa ina so in gano ɗin, har ina tunanin in yi kundin kammala karatuna a kai, amma ban san yadda ake raba biyun a gwaji ba.

Idan Malam ya ba ni izini, zan zo ofis in yi bayani baki da baki, duk ranar da Malam ya ga yana da sarari. Na ɗebo ƙasa daga wuri uku a leda, na rubuta nisan kowace daga gindin itacen, zan zo da ita.

Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Ɗalibin Malam,
Sanusi