Jawabin rukuni na 3: me ke ɗaga maki, me ke sauke shi?

Assalamu alaikum. Malam, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da safiya. Wanda lissafi ke sa shi ciwon kai ya kwantar da hankalinsa, kwamfuta ta riga ta yi wahalar, namu karanta sakamako ne kawai.

Ɗalibai 120 na sashenmu muka yi wa tambaya uku: awa nawa suke karatu a mako, lacca nawa suka yi fashi a zango, awa nawa suke kan waya a rana. Sai muka haɗa amsoshin da makin jarrabawarsu bisa 100.

Ku dubi hoton farko, na awannin karatu da maki. Kowane ɗigo ɗalibi guda ne. Aikin rigireshan, dabarar lissafin da muka bi, kamar miƙa igiya ne ta tsakiyar ɗigogin nan, a inda ta fi kusa da kowa. Da igiyar ta haura muka san karatu da maki tare suke tafiya.

Yanzu teburin SPSS, manhajar da ta yi mana lissafin. Layi biyu kaɗai za ku kalla: B mai nuna yadda maki ke canzawa, da Sig. mai gwada ko sa'a kaɗai za ta iya fitar da lambar.

A gaban karatu, B ya nuna 1.5. Wato a ɗauki ɗalibai biyu, fashinsu ɗaya, zamansu kan waya ɗaya, amma wannan awa 10 yake karatu, wancan 14. Ana sa ran na biyun ya fi da maki 6. Ku riƙe sharaɗin nan na cewa sauran abubuwansu ɗaya ne, domin idan aka yar da shi fassarar ta ɓaci.

A gaban fashi akwai −2. Kowace lacca da aka tsallake, maki 2 ke raguwa. Wannan ya fi damunmu, don fashi biyar maki 10 ne, tazarar da ke tsakanin sakamakon C da na B a jarrabawa.

Waya ta ba da −0.4, amma Sig. ɗinta 0.31 ne. Ko da waya ba ruwanta da maki sam, sa'a kaɗai za ta iya fitar da lamba irin wannan kusan sau 31 cikin 100. An saba neman ƙasa da 0.05, kuma karatu da fashi duk sun cika. Saboda haka ba mu wanke waya ba, hujjar kama ta ce ba mu samu ba.

R Square kuwa 0.38 ne: kashi 38 cikin 100 na bambancin maki ne abubuwan ukun suka bayyana. Sauran yana wurin da ba mu auna ba, kamar rashin lafiya ko nisan gida.

A yi hattara da wuri uku. Awannin karatu da bakinsu suka faɗa, mutum kuwa yakan ƙara wa kansa. Sannan ba mu ce karatun ne kaɗai sanadi ba, wataƙila mai himma ne ke yawan karatu, kuma shi ne ke tambaya a aji. Na uku, amsoshinmu kan karatu daga awa 2 zuwa 20 suka tsaya, kada wani ya lissafa wa kansa awa 40.

Malam, a shirye muke da tambayoyi.