Ga 'yan aji uku na kimiyya: maganar mainos ɗin da kuke gogewa a lissafin madubi da gilashi

Assalamu alaikum. Na gama makin gwajin fizis na ranar Talata. Takarda 46 na duba, kuma a tambaya ta huɗu mutum 31 sun faɗi a wuri ɗaya. Yawancinku kun san fomula, kun iya haɗa ɓangarori, amma alamar mainos ta kayar da ku. Na rubuta wannan ne don ku karanta kafin darasin Asabar, domin minti arba'in na aji ba ya isar mu.

Wata takarda ta fi ba ni tausayi. Mai ita ta yi aikinta tsaf har ta samu nisan hoto v = −30, sannan ta sa reza ta kankare mainos ɗin har takardar ta kusa hujewa. Da na kira ta na tambaye ta dalili sai ta ce, "Malam, ai nisa ba ya zama mainos, na ɗauka kuskure na yi." Gaskiyarta ta wani ɓangaren: ba wanda ya taɓa auna yadi a Kantin Kwari ya samu ƙasa da sifili. Sai dai mainos ɗin nan ba tsawo yake aunawa ba. Ku ɗauki doron ƙasa a matsayin sifili. Wanda ya hau Dala ya yi sama, sai mu ba shi fulos. Wanda ya zura sanda cikin rijiyar rini a marinar Ƙofar Mata ya yi ƙasa, sai mu ba shi mainos. Zurfin rijiyar na nan daram, alamar ta faɗi gefen da aka nufa ne kawai. Lamba tana ba ku nisa, alama tana gaya muku ta ina hoton yake da kuma irinsa. Wanda ya goge ta ya zubar da rabin amsa.

Hoto iri biyu ne. Akwai na zahiri, wanda zaren haske ke haɗuwa a wurinsa da gaske, idan ka tara farar takarda a nan zai fito a kanta. Akwai kuma wanda nake kira hoton gizo, irin fuskarka a madubin ɗaki: kana ganinta kamar tana bayan madubin, alhali ba hasken da ya je can, bango ne kawai. Ido ne ya bi zaren hasken da baya ya ƙaddara daga can suka taso.

Ƙa'idar da muke bi a aji, wadda kuma yawancin littattafan sakandare na ƙasar nan ke bi, ita ce na zahiri fulos, na gizo mainos. Fomula ɗaya ce ga madubi da gilashi duka:

1/f = 1/u + 1/v

u nisan abu ne, v nisan hoto, f nisan fokas, duk ana aunawa daga tsakiyar fuskar madubi ko tsakiyar gilashi. Duk abin da ke tara haske wuri ɗaya, fokas ɗinsa na zahiri ne, f fulos ke nan: madubi mai kwarmi, wato konkef, da gilashi mai ƙaton ciki, wato konbes. Duk abin da ke watsa haske, fokas ɗinsa na gizo ne, f mainos: madubi mai doro, wato konbes, da gilashi mai siririn tsakiya, wato konkef. Ku lura da tarkon da ke nan. Madubi konkef fulos ne, gilashi konkef mainos ne. Wanda ya haddace "konkef fulos" ya tsaya a nan, zai ci tambayar madubi ya faɗi ta gilashi. Ku bar haddar suna, ku tambayi kanku ko abin yana tara haske ne ko yana watsa shi.

Ga tambaya ta huɗun. Madubi mai kwarmi, f santimita 15, an ajiye abu santimita 10 a gabansa.

1/v = 1/15 − 1/10 = (2 − 3)/30 = −1/30

v = −30

Hoton gizo ne, santimita 30 a bayan madubi, a miƙe, girmansa ninki uku na abin. Tun kafin ku taɓa biro ya kamata ku yi tsammanin haka, tunda abin yana tsakanin fokas da madubi. Aikin madubin aski da na kwalliya ke nan, masu ƙara girman fuska idan an matso. Mutum tara a cikinku sun ga 2 − 3 suka juya shi ya koma 3 − 2, saboda tun firamare an saba musu ba a cire babba daga ƙarami. Wannan ba matsalar fizis ba ce, ta lissafi ce, kuma ba zan ɓoye muku ba, ita ce ta fi yawa.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari domin amsarsa tana fitowa da kyan gani. Mai tambaya yakan ce madubi mai doro ne, nisan fokas santimita 20, ba zai sa muku mainos ba. Ku ake jira ku sa. A ce abu yana santimita 30. Wanda ya tuna zai rubuta f = −20:

1/v = −1/20 − 1/30 = −5/60

v = −12

Ƙaramin hoto a miƙe, a bayan madubi. Wanda ya manta ya sa 20 zalla zai samu v = 60, wato hoto na zahiri, a kife, ninki biyu. Ku tsaya ku yi tunanin abin da wannan amsa ke cewa. Irin madubin nan ne a gefen mota da adaidaita sahu. Wa ya taɓa leƙa madubin ɗan adaidaita a cunkoson Kasuwar Sabon Gari ya ga motar baya a kife? Ko nesa abu yake ko kusa, madubi mai doro ƙaramin hoto a miƙe yake bayarwa, kuma nisan hoton ba ya kai nisan fokas. Idan kuka samu 60 a madubin da fokas ɗinsa 20 ne, ku san an yi ɓarin alama a hanya.

Yau da dare kowa ya ɗauki cokalin ƙarfe mai sheƙi a kicin. Ka dubi cikinsa daga nesa, za ka ga kanka a kife. Ka juya bayansa, za ka ga kanka a miƙe, ƙarami, hanci ya yi gaba. Madubai biyun ke nan a hannu ɗaya.

Sai maganar da ta fi ɗaukar mini lokaci wajen maki, domin sai da na zauna na gano daga ina wasu amsoshi suka fito. Wasunku suna kallon darussa a waya, da yawa na malaman Indiya, kuma ban hana ba, wasu sun iya koyarwa ƙwarai. Amma su wata ƙa'ida suke bi, ta Katiziyan, mai sunan masanin lissafin nan na Faransa, René Descartes. A wurinsu ba ruwan alama da zahiri ko gizo. Tsakiyar madubi ko gilashi ne sifili, duk nisan da aka auna ta inda haske ya dosa fulos ne, wanda aka auna ta inda ya fito mainos ne. Saboda haka u na abu na zahiri mainos ne, madubi mai kwarmi f ɗinsa mainos, mai doro fulos. Fomular madubi ba ta sauya, amma ta gilashi takan koma:

1/v − 1/u = 1/f

Mu sake tambaya ta huɗu da wannan ƙa'ida. u = −10, f = −15.

1/v = −1/15 + 1/10 = 1/30

v = +30

Ɗazu mun samu −30, yanzu +30, kuma duka biyun daidai ne. Hoton bai motsa ba, yana nan santimita 30 a bayan madubi. A ƙa'idarmu mainos ya ce na gizo ne. A tasu fulos ya ce yana gaba ta inda haske ya dosa, wato bayan madubi. Ɓarna tana zuwa ne idan aka haɗa su, a ɗauko fomular gilashi mai mainos daga waya, a zuba mata u fulos daga littafin aji. Abin da mutum shida suka yi ke nan a tambaya ta biyar, gilashi mai ƙaton ciki, f santimita 10, abu a santimita 6. A ƙa'idarmu 1/v = 1/10 − 1/6 = −1/15, v = −15. A ta Katiziyan ma −15 ne. Masu gaurayawa suka samu 3.75, lambar da ba ta kowa ba.

Ku kuma lura da inda hoton nan yake. A madubi hoton gizo yana baya. A gilashi yana gefe ɗaya da abin, domin haske ratsa gilashi yake yi ya wuce, hoto na zahiri can ɗaya gefen yake faɗowa. Mai gyaran waya a Farm Centre da ke duba ƙananan wayoyi da gilashin ƙara girma, hoton da yake gani yana ɓangaren wayar ne, ya ɗan fi ta nisa. Mutum uku sun samu −15 daidai sannan suka rubuta "a bayan gilashi", maki ɗaya ya tafi a banza.

Ni dai shawarata, ku tsaya kan ta aji har ku gama WAEC da NECO. Ba don ta fi ba, a gaskiya idan aka jera gilasai da yawa ta Katiziyan ta fi sauƙin bi, kuma waɗanda za su karanta fizis a jami'a za su haɗu da ita. Amma a yanzu fomula ɗaya ta fi muku biyu. Ku rubuta ƙa'idar da kuka bi a saman aikinku don mai maki ya san da wane ma'auni zai auna ku.

Alama kuma sau ɗaya ake sa ta, a kan abin da aka ba ku. Wanda ake nema a bar shi tsirara, shi zai fito da tasa. Na ga wanda ya san hoton gizo zai samu, sai ya rubuta −1/v tun a fomula, ya samu fulos, ya rikice, ya soke aikin duka. Inda za ku sa wa v alama da hannunku shi ne idan v ɗin yana cikin abin da aka bayar. Misali madubi mai kwarmi, f santimita 12, hoto ninki uku. Idan an ce na zahiri ne, v = 3u, u ya fito 16. Idan an ce a miƙe yake, to na gizo ne, v = −3u, u ya fito 8. Kalma ɗaya a cikin tambaya ta raba 16 da 8, don haka a karanta a hankali.

Masu tabarau, ku duba takardar da aka ba ku a asibitin ido. Idan an rubuta −2.00, ƙarfin gilashin ke nan, P = 1/f, f kuma a mita. Wato f = −0.5 mita, santimita 50, gilashi mai watsa haske, na wanda ba ya gani nesa. Na karatu irin na iyayenmu fulos ne. Duk mai irin takardar nan ya zo da ita ranar Asabar, idan bai damu a gani ba.

Aikin gida guda biyu ne. Gilashi mai siririn tsakiya, nisan fokas santimita 15, abu a santimita 30: a nemo v, a faɗi gefen da hoton yake da irinsa. Na biyu, madubi mai kwarmi wanda radiyos ɗin lanƙwasarsa santimita 40 ne, abu a santimita 60, kuma kada a manta f rabin radiyos ne. Kafin lissafi, kowa ya zana ɗan hoton zaren haske ya rubuta a gefe alamar da yake tsammani. Ƙarfe tara za mu fara, a ɗakin gwaje-gwaje, a zo da rula da cokali.