Lamba 47

Motar ɗaukar hoton ƙirji ta iso ƙauyen da hantsi, kafin azahar layi ya zagaye asibitin har bakin rijiya. Talatu ce ke riƙe da rajista. Ita ke rubuta suna, ta miƙa wa mutum kati mai lamba, ta ce ya cire riga da duk wani ƙarfe da ke jikinsa kafin ya hau mota. Shekara 19 ke nan tana aiki a wannan ɗan asibitin, amma yau aikinta kiran suna ne kawai. Baƙin sun zo da likitansu, da mai ɗaukar hoto, da na'urar gwajin kaki, ba su bukatar komai daga gare ta sai murya.

Da la'asar aka ware mutum shida waɗanda hotonsu ya nuna alamar tarin fuka. Cikinsu har da Habu, saurayi ɗan shekara 22 mai ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Da aka faɗa masa, sai ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

"Inna Talatu, ni fa ko tari ba na yi."

"Ka dai ba da kakin, Habu. Gwaji ne zai faɗa."

Ta faɗi haka ne don a bakinta yake, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta san ciwon yana iya ɓuya a jikin mai ƙarfi, ta kuma san Habu tun yana zanin goyo.

Bayan magariba aka tayar da janareto. Dakta Nasiru ya zauna gaban kwamfuta yana sake duba hotunan shidan kafin ya rubuta rahoto. Talatu ta kawo masa rajista, maimakon ta juya sai ta tsaya a bayansa.

"Hajiya, ko kina son gani?" Ya ja mata kujera. "Baƙin nan huhu ne, iska ce a ciki. Farin kuma ƙashi. Wannan zuciya ce. To dubi nan sama, ɓangaren dama. Kin ga wannan hazo da ɗan rami a tsakiya? Nan tarin fuka ya fi son zama. Wannan shi ne 47, yaron nan naku."

Talatu ta duba inda ya nuna. Sai idonta ya gangaro ƙasa, ɗaya ɓangaren, inda wata inuwa ta yi dunƙule a kan haƙarƙari guda biyu, ɗaya bisa ɗaya.

"Likita, wannan fa?"

"Wannan ba komai ba ne. Tsohuwar karaya ce ta warke. Idan ƙashi ya haɗe yakan bar ƙulli haka. Ya daɗe, shekaru."

Ya kai hannu zai wuce zuwa hoto na gaba.

"Dakata, Likita. Habu bai taɓa karaya ba."

Dakta Nasiru ya yi murmushi irin na wanda ya gaji. "Hajiya, yara suna faɗuwa ba a sani ba. Haƙarƙari kan warke da kansa."

"Na yarda. Amma yaron nan ni na yi masa rigakafi, ni na ɗinke masa ƙafa da lauje ya yanke shi. Uwarsa ko atishawa ya yi sai ta kawo shi. Haƙarƙari biyu ba za su karye a gidan nan ban ji ba." Ta yi shiru kaɗan. "Wane ɓangare ne wannan?"

"Hagu."

"To na san mai shi."

Ta buɗe rajista ta bi da yatsa. Lamba 52, Malam Idi. Shekara 11 da suka wuce sansa na huɗa ya tunkuye shi a gefen hagu, aka kawo shi a amalanke yana numfashi da ƙyar. Ita ta yi jinyarsa sati shida.

"Buɗo mini 52."

Likita ya buɗe. Huhu fes, ƙashi sumul, ƙirji faffaɗa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya koma 47, ya sake dawowa.

"Shekarunsa nawa, wannan Malam Idin?"

"Ya haura 70."

"Wannan ba ƙirjin ɗan 70 ba ne." Ya miƙe ya leƙa waje. "Bala! Zo nan."

Mai ɗaukar hoton ya rantse shi bai canza komai ba. Lamba yake bi a jere kamar yadda aka shigar masa, wanda ya hau mota shi yake ɗauka. Mutum 130 a wuni guda, wa zai tsaya tambayar kowa sunan ubansa? Aka aika a kira Habu. Ya shigo ido jajur, ko gida bai je ba.

"Habu, kai ka shiga bayan Ladi?" in ji Talatu.

"A'a. Baba Idi na gani yana tsaye a rana, ƙafarsa na rawa, sai na ce ya zo ya shiga wurina. Ni na koma nasa." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Laifi ne?"

"Katin fa?"

"Yana aljihuna. Ba wanda ya ce mu musanya."

Bala ya sunkuyar da kai. Dakta Nasiru ya ce wa Habu da safe za a sake ɗaukarsa don a tabbatar, amma ya je ya yi barcinsa. Habu bai jira ƙarshen maganar ba.

Talatu kuwa tuni ta ɗauki tocila da robar kaki. Malam Idi an sallame shi tun azahar an ce lafiyarsa lau, kuma ta san a ɗaki ɗaya yake kwana da jikoki uku, ƙaramin bai cika shekara huɗu ba.

"Hajiya, ba za a bari sai gobe ba?"

"Da asuba zai tafi gona, ku kuma da hantsi za ku tafi. Taso mu je."

Suka same shi a zaure a kan tabarma. Tun kafin su yi sallama suka ji tarin, mai zurfi, irin wanda ake dannewa.

"Baba, barka da dare."

"A'a, Talatu ce da daren nan? Ai an ce lafiyata ƙalau."

"An yi kuskuren lamba, Baba. Tun yaushe kake wannan tarin?"

"Sanyi ne kawai."

"Ban ce ba sanyi ba ne. Tun yaushe?"

Ya kawar da kai. Daga bayan labule matarsa ta amsa: tun kafin girbi, kuma kullum sai ta shanya shimfiɗarsa saboda gumin dare, wandonsa ma sai da aka rage masa ƙugu.

Dakta Nasiru ya durƙusa ya yi masa bayani a hankali. Hoto ba ya yanke hukunci, kaki ne zai tabbatar, kuma na'urar tana ba da sakamako cikin kamar awa biyu. Idan shi ne, magani wata shida ne ba fashi, ana kuma warkewa. Yaran ma duk za a duba su.

Malam Idi ya juya robar a hannunsa. "To wa ya gane ni ne, tun da lambar ta wani ce?"

"Haƙarƙarinka, Baba," in ji Talatu. "Wanda san nan ya karya."

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "Ja'irin sa. Na sayar da shi ma bai bar ni ba."

"Fita waje za ka yi, Baba, ba a cikin zaure ba. Ka ja numfashi sosai sau uku, daga ƙirji nake so, ba yawu ba."

Ta juya wajen labule ta ce a taso mata da yaran ta rubuta sunayensu.