Jawabin babban abokin ango kafin waƙar "Gulbi Ɗaya"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jama'a, a ɗan saurara. Samarin da ke can baya wajen babura, don Allah a kashe inji. Yara a zauna a tabarma. Mai lasifika, rage mini ƙarar nan kaɗan, kada iyayenmu su ce mun zo da hayaniya.

Ina gaida iyayenmu maza da suka ɗaura mana wannan aure da hantsi, waɗanda har yanzu wasunsu suna zaure ba su tafi ba. Ina gaida malamai da liman, Allah ya ƙara lafiya. Iyayenmu mata, su Hajiya, su Inna, su Gwaggo, sannunku da aiki, sannunku da tsayuwa a bakin murhu tun asuba. Baƙinmu na Tibiri, dangin amarya, barkanku da zuwa, gida kuka zo. Waɗanda suka ƙetaro daga Katsina da Jibiya ta Ɗan Isa, da ƴan'uwa na Madarunfa da Tasawa da Gidan Runji, Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Mutanen Bagalam kuwa, maƙwabtan ango, ba zan yi muku barka da zuwa ba, ku ne masu masauki.

Ni dai kun san ni, abokin ango ne tun muna lakwal, benci ɗaya muka zauna. An ce in faɗi kalma biyu kafin makaɗi ya ɗauki gurminsa, domin waƙar da za ku ji yanzu ba a taɓa rera ta a wani biki ba. Don waɗannan mutum biyu aka yi ta, kuma yau ne za ta fara shiga kunnen jama'a. Ita kanta amarya ba ta ji ta ba. Ango ya ji rabi, sauran rabin mun ɓoye masa, don mun san halinsa, da ya ji da ya ce a cire.

Sunan waƙar "Gulbi Ɗaya". Ga dalili.

Ango Bakatsine ne na Maradi, amarya Bagobira ce ta Tibiri. Wanda ya san tarihin ƙasar nan ya san wannan haɗi ba yau aka fara shi ba. Bayan da Katsinawa suka baro Birnin Katsina lokacin jihadi, nan suka zo suka kafa sarautarsu, wajajen 1819, zamanin Ɗan Kasawa. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zo suka zauna a Tibiri ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai a ɗaura guzuri ba. Garuruwa biyu, sarauta biyu, kowa da tambarinsa, amma tare suka tsaya wa juna a lokacin da tsayuwar take da wuya. Kuma ruwa ɗaya suke sha. Gulbin Maradi da ya taso daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Madarunfa, ya ratsa ta gefen garin nan, shi ne dai ya wuce ta Tibiri kafin ya yi gaba. Kakannin ango ma a bakin gulbin suke zaune, sai da ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari sannan aka hau tudu, inda muke yanzu. Baitin farko na waƙar a kan wannan yake. Don haka idan kun ji makaɗi ya ambaci Ɗan Kasawa da Mayaƙi, kada wani ya ce ya ɓata hanya ya shiga waƙar fada. Tushen amarya da ango yake nema.

Baiti na biyu shi ne wanda muka ɓoye wa ango, kuma shi na fi so.

Kun san mutumin nan a kasuwa. Ɗan aya ne da wake, kullum yana cikin buhuna, hularsa fara fat da ƙura, ba ya barin rumfa ko da wa ya kira shi. To, tun da ya fara zuwa zance Tibiri, sai muka ga sabon abu. Ranar da zai je, la'asar na yi ya rufe awo. Ya wanke babur har ƙafafun, ya goge madubi da gefen rawaninsa na kasuwa, ya sa shadda mai guga, ya zuba turaren da in ya wuce ta layinmu sai tela ya ɗago kai daga keke. Ya tsaya wajen mai tebur ya cika aljihu da alewa, saboda ƙannen amarya sun kafa masa shinge a ƙofar gida, ba mai wucewa sai ya biya. Ni ne ɗan rakiya, ni ke zama a baya riƙe da ledar tsaraba, don haka ba labari aka ba ni ba.

In mun isa, a shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaure. Ita kuma ta fito da ƙawarta, ta zauna can nesa, ta ja mayafi, ta gaishe mu kamar ba ta taɓa ganinmu ba. Mutumin da yake iya yin ciniki da dillalai biyar a lokaci ɗaya bai rasa bakin magana ba, sai ga shi yana tambayar ta lafiyar awaki. Wallahi lafiyar awaki. Tana da jajayen awakinta irin namu na Maradi da take kiwo a bayan gida, to su ne suka cece shi, don duk ranar da magana ta ƙare masa sai ya koma kansu: ta haihu? tagwaye ne? suna cin harawa? Haka za a yi ta yi har a kira isha'i. Da Baba ya dawo daga masallaci ya yi gyaran murya sau ɗaya a bakin zaure, mun san zance ya tashi. Ba a taɓa kai wa ga gyaran murya na biyu ba. Baba, ga shi yau ina faɗa a gabanka, Allah ya ƙara girma, wannan gyaran murya ya shiga waƙa.

Amarya, ranki ya daɗe, ke ma ba ki tsira ba. Ƙawayenki sun ba mu labari. An ce duk ranar da ake sa ran zuwansa, tun azahar kike share ƙofar gida, ki yayyafa ruwa, sannan in an tambaye ki ki ce ƙura ce ta dame ki. Mun ji, mun kuma ba makaɗi.

Abin da ya sa muka nemi a yi waƙar da gurmi, ba mu ɗauko ta kwamfuta ba, ango ne ya roƙa. Ya ce yana son abin da kakarsa za ta ji ta gane kowace kalma. Kuma gaskiyarsa. Yanzu an saba, a kai wa mai situdiyo sunan ango da na amarya a takarda, ya zuba su cikin waƙar da ya riga ya yi wa wasu goma, a canja suna kawai. Ba na zagin sana'ar kowa, amma mu ba haka muka so ba. Makaɗin nan da kuke gani sai da ya je Tibiri da ƙafarsa, ya zauna da kakar amarya, ya tambaye ta sunayen iyaye da kakanni da kirarin gidansu. Ya zo Bagalam ya zauna da gwaggon ango ya yi haka nan. Duk sunan da za ku ji a waƙar nan daga bakin tsofaffin gida ya fito. In an ambaci wanda ya riga mu gidan gaskiya, a yi masa addu'a a zuci.

Baiti na uku na iyaye mata ne. Ba zan faɗi abin da ke ciki ba, don in na faɗa yanzu su Hajiya za su fara kuka tun ba a taɓa tsirkiya ba. Abin da zan ce kawai, duk wanda ya ga kayan ɗakin da aka jera jiya, ya san ba a wata ɗaya aka tara su ba. Akwai kwanon da aka saya tun amarya tana firamare, aka ɓoye ƙarƙashin gado. Akwai kuɗin adashi, akwai na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Haka uwar ango, wadda ta ba shi jarin tiya goma na farko daga cikin kuɗin furarta. Makaɗi ya san wannan duka.

Yanzu ga roƙona, kuma shi ne ainihin abin da ya sa aka ba ni makirho. Na ga hannuwa sun fara shiga aljihu, na ga su Hajiya sun buɗe jaka. Madalla, liƙi ba laifi ba ne, makaɗi ma da iyali. Amma don Allah a bari ya gama baitin farko tukuna. Mun sha gani a biki, da an fara waƙa sai a yi caa a kan makaɗi, wannan na manna masa jika a goshi, wancan na raɗa masa sunansa a kunne don a wasa shi, har waƙar amarya ta koma waƙar masu kuɗi. Yau ba haka za a yi ba. Wanda ya zo da dala ɗari da wanda ya zo da jika goma, duk a jira. In an kai baiti na biyu, fili naku ne. Dangin amarya za su fara, don su ne baƙi, sai dangin ango, sai ƙawaye, mu abokai mu ne na ƙarshe. Mutanen Katsina, nairarku ma tana karɓuwa, kada ku ce ba ku samu canji ba. Masu ɗaukar hoto da salula, ku ɗan ja gefe, ku bar wa tsofaffi hanyar gani.

Amshin kuma ba wuya gare shi ba, kowa zai iya. In makaɗi ya kai ƙarshen baiti ya ɗaga kai, sai mu ce:

Gulbi ɗaya muka sha, Maradi da Tibiri,
Ango riƙe amana, amarya riƙe sirri.

Mu gwada sau ɗaya. Mata, na ji ku. Maza, wannan ba amshi ba ne, gunaguni ne, a sake. Yawwa, haka nake so.

Abokina, ango, ka sha ƙamshi. Yau ka fita daga sahunmu na masu kwana a shago, kuma ba mu yi baƙin ciki ba, sai dai mu ce Allah ya sa mu bi bayanka. An ba ka ɗiyar mutane, an ba ka ita da mutunci, a gaban shaidu, ka ji abin da waliyyinta ya ce maka da safe, ba sai na maimaita ba. Amarya, kin bar Tibiri amma ba ki yi nisa ba, in kin yi kewar Inna, ga babur nan, ya san hanya, ba sai an nuna masa ba. Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi hairin. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya kau da sharrin masu shiga tsakani, ya buɗa kasuwa, ya sa awaki su yi ta tagwaye. Jama'a ku ce amin.

Ƙawayen amarya, a gyara mata mayafi, a matso da ita kusa da angonta. Gwaggo, a ba mu guɗa ɗaya mai ƙarfi.

Makaɗi, bisimilla, fili naka ne.