Fis Uku a Aljihun Sadiƙu

Ƙarfe takwas da rabi na safe Oga Habu ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar wani gidan haya da ke Dorayi, a Kano. Sadiƙu ya sauko daga baya rungume da jakar kayan aiki. Watansa huɗu a shagon Oga Habu yana feɗe waya da ɗaura soket a kan allo, amma yau ce ranar farko da aka fito da shi aikin unguwa.

Gidan na da shaguna shida a gaba da sassa huɗu a ciki, duk a kan mita ɗaya mai layi uku. Tun kafin su gama gaisawa da Alhaji mai gidan mutane suka kewaye su. Mai aski ya ce ƙwayayen fitilarsa uku suka ƙone daren jiya, bayan sun yi wani haske kamar rana. Wata mata ta aiko yaro daga ciki da talabijin mai warin ƙauri. Mai sayar da ruwan sanyi kuwa cewa ya yi firizarsa gurnani kawai take, ta ƙi tashi.

"To, a wajen wasu wuta ta yi yawa, a wajen wasu ta yi kaɗan, kuma a gida ɗaya," in ji Oga Habu. "Sadiƙu, me ka ji?"

"Ko taransifoma ce, Oga?"

"Da ita ce, da maƙwabta ma suna kuka. Alhaji, gidan da ke kusa da ku lafiya?"

"Lafiya lau suka kwana."

Aka buɗe musu ɗan ɗakin da ke zaure inda kayan wutar suke. Daga mita, waya ta shiga katawut uku masu fis na amfiya 60, ta wuce cenjoba mai ƙafa huɗu da ke sauya gidan tsakanin wutar kamfani da ta janareta, sannan ta shiga akwatin bireka da ke raba wuta ga shaguna da sassa. Akwai wuta a lokacin. Oga Habu ya sa Sadiƙu ya tsaya a bayansa, ya ɗauko na'urar awo ya juya ta kan bolt na AC. A bakin katawut, kowane layi da nitiral ya ba da kusan 230. A cikin akwatin bireka kuwa labari ya sauya: layin ja 296, rawaya 168, shuɗi 241.

"Wutar ta shigo gidan lafiya, a nan ciki ta lalace. Nitiral ne ya saki tsakanin cenjoba da akwati." Ya tsuguna ya zana layi uku a ƙasa da ƙusa. "Tsakanin kowane layi da nitiral bolt 230 ne, amma tsakanin layi da layi kusan 400 ne. Nitiral shi ke riƙe kowa a matsayinsa. In ya yanke, kayan mai aski da firizar wancan sai su zama a jere suna rabon 400 ɗin nan. Layin da kayansa ba su da nauyi shi ke kwasar kaso mai yawa. Shi ya sa ƙwan fitila ya ƙone, firiza ta kasa tashi."

Yana cikin bayani fankar zaure ta fara rage gudu, ta tsaya. An ɗauke wuta.

Sadiƙu ya riga ya hango wurin. A ƙasan cenjoba akwai wani kumburi na baƙin tef da ya narke ya daskare. Ganin babu wuta, sai ya zaro filaya ya miƙa hannu. Bai kai ba ya ji an fizgo wuyan rigarsa ta baya, har filayar ta faɗi.

"Wa ya kashe wutar nan?"

"Ai an ɗauke, Oga."

"Na ce wa ya kashe ta? Kai ne?"

"A'a."

"Wanda ya ɗauke ya gaya maka ƙarfe nawa zai dawo da ita?"

Sadiƙu ya sunkuyar da kai. Oga Habu bai ɗaga murya ba, amma bai saki rigar ba sai da ya ja shi taku biyu baya. Ya ce wutar da ke dakatar da bugun zuciya ba ta kai ta ƙaramin ƙwan fitila ba, shi ya sa birekar kare rai ke faɗuwa a miliamfiya 30 kacal. Kuma in wuta ta kama tafin hannu, yatsu damƙewa suke yi, mutum yana so ya saki ba ya iyawa. Ga shi lokacin zafi ne, hannun yaron jiƙe da gumi, ƙafarsa cikin silifas a kan siminti.

"Yanzu za mu kashe ta da hannunmu. Kai za ka yi, ina kallo."

Ya fara da sa shi tambaya: ta ina da ina wuta ke iya shigowa gidan nan? Alhaji ya ce tsohon janaretansa ya shekara biyu ba ya aiki. Oga Habu ya sa aka nuna masa shi, ya ga wayarsa a cire. Sola ko inbata fa? Aka ce babu. Daga nan Sadiƙu ya sauke birekoki goma ɗaya bayan ɗaya, domin ba a zare fis da kaya a kansa, in wuta ta dawo daidai lokacin tartsatsi zai tashi a fuska. Ya ja hannun cenjoba zuwa tsakiya, inda ba ta haɗe da kowane ɓangare. Sannan ya sa safar roba ya zare fis ukun da ke bayan mita. Mitar da hatiminta ba su taɓa ba, wannan na kamfanin wuta ne, kamar yadda falwaya da taransifoma suke nasu.

Sadiƙu zai ajiye fis ɗin a kan taga.

"A aljihunka. Duk wanda ya gan su a nan zai iya mayarwa, yana ganin taimako ya yi."

Oga Habu ya ɗauko ƙaramin kwaɗo ya saƙala a hannun cenjoba, ya ba yaron makullin. Ya yago kwalin taliya ya sa shi ya rubuta da manyan baƙaƙe: ANA AIKI, KADA A KUNNA. Suka rataye.

Sadiƙu ya ciro testa daga aljihun gaba, irin mai kama da sukundireba, ya dangwala a kan ƙarfen layin ja. Ba ta kama ba. Ya dubi ogansa.

"Wannan 'yar fitilar ko ta kama, da rana ba lallai ka gani ba. In ta mutu ma ba za ta gaya maka ba. Ɗauki na'urar awo. Amma ita ma wa ya ce tana da rai?"

Ya tura shi kemis ɗin da ke tsallaken titi, mai inbata, ya gwada a soket ɗinsu. Ta nuna 229. Ya dawo. Oga Habu ya ce awo goma ne a wuta mai layi uku, ba a tsallake ko ɗaya: layi da layi sau uku, kowane layi da nitiral sau uku, kowane layi da wayar ƙasa sau uku, sai nitiral da wayar ƙasa.

Ja da rawaya, lambobin suka ɗan yi rawa. Sadiƙu ya ɗauka hannunsa ne. Ya ci gaba. Ja da nitiral, kusan sifili. Ya ɗora a kan rawaya da nitiral.

224.

Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi. Fis na aljihunsa, kwaɗo na rataye, birekoki duk a ƙasa.

"Yi shiru ka saurara," in ji Oga Habu.

Daga bayan shaguna ana jin ƙarar ƙaramin janareta. Suka bi sautin har shagon tela, na ƙarshe a jere. Yaron shagon ne ya tayar da injin da aka ɗauke wuta, ya jona shi da waya mai kan fulogi biyu, ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Telan ya ce kullum yakan zare katawut ɗin shagonsa kafin a tayar, yau ya fita sayen zare. Da suka bi wayar shagon, sai suka tarar daga baya aka ƙara shi, aka ɗauro shi kai tsaye a kan ƙarfen layin rawaya ba tare da bireka ba. Ta nan wutar janaretan ta koma da baya har cikin akwatin da Sadiƙu ya so sa hannu.

"Malam Iliya, wannan wayar kashe mutum take," in ji Oga Habu. "In ka zare kai ɗaya, ƙarafan fulogin tsirara suke da wuta. In kuma ka manta katawut, wutarka na fita har falwaya, ta shiga taransifoma ta baya ta hau zuwa bolt dubu 11, ga ma'aikaci a sama yana ganin layi a mace yake. Ƙaramar cenjoba za mu sa maka."

Aka kashe injin, Sadiƙu ya naɗe wayar ya sa a jakarsu. Ya koma ya sake awo goman daga farko, duk sifili. Ya sake tsallaka titi ya gwada na'urar a kemis, 229, ya dawo yana haki. Sai a lokacin Oga Habu ya miƙa masa filayar da ta faɗi.

Da ya warware tef ɗin, sai ga abin da ya jawo duka: wani ya ƙara tsawon nitiral da guntun wayar alminiyam, ya murɗa ta da ta jan ƙarfe. Mahaɗar ta yi fari fat kamar an barbaɗa toka, silin waya biyu kawai suka rage, su ma sun ƙone. Oga Habu ya ce ƙarafan nan biyu ba sa zaman lafiya in an murɗa su tare. Danshi na cin alminiyam, zafi na sa shi ya saki, in ya saki ya ƙara zafi, har ya yanke.

Ba su gyara mahaɗar ba, cire ta suka yi gaba ɗaya. Sadiƙu ya auna sabuwar wayar jan ƙarfe mai kauri sikwaya milimita 16, daidai da kaurin layukan, tsawon mita ɗaya da rabi. Ya feɗe bakin ba tare da ya ji wa silin rauni ba, ya matse kan ƙarfe a kowane gefe, ya ɗaure. Oga Habu ya ja wayar da ƙarfi ya ga ba ta motsa ba. Ya nuna masa cewa gidan tsohon launi ne, baƙi shi ne nitiral, amma a sabon tsari shuɗi ne nitiral, baƙi kuwa layi ne mai wuta, don haka launi kaɗai ba ya isa shaida. Suka sauke wayar tela daga kan ƙarfen suka ba ta bireka ta amfiya 20.

Sadiƙu na cikin ɗaure sukurun ƙarshe, yatsunsa a kan ƙarfen nitiral, sai ihun yara ya tashi a layin: "An kawo! An kawo!" Rediyon maƙwabta ta kama. Fitilar mita ta yi ja a gefen kansa. Ya tsaya cak, ya kai ɗaya hannun ya shafa aljihunsa, ya ji fis uku da makulli. Oga Habu na jingine da ƙofa bai ce komai ba. Yaron ya ƙarasa ɗaure sukurun.

Suka mayar da komai a juye: murfin akwati tukuna, sai fis, sai kwaɗo da cenjoba. Kafin a ɗaga bireka ko ɗaya suka auna, sannan suka riƙa ɗagawa ɗaya ɗaya suna sake awo da kaya a kai. Ja 228, rawaya 226, shuɗi 231. Firizar mai ruwan sanyi ta tashi da ƙara ɗaya.

Alhaji ya kawo musu ruwa yana sa albarka. Oga Habu ya ce gobe za su dawo da cenjobar tela, kafin nan kada a tayar da injin. Sadiƙu ya tattara kaya, ya miƙa wa ogansa kwaɗon.

"Riƙe shi, naka ne. Ka sayo masa igiya ka rataya makullin a wuya."

Ya tayar da babur. Akwai wani gida a Ja'en da famfon burtsatsensu ke jan mutane in sun taɓa.