Jawabin safiyar Litinin bayan rufe kwata ta uku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku matso kusa don Allah, waɗanda ke tsaye a baya akwai kujeru nan gaba, kuma kowa ya kife wayarsa na ɗan lokaci, ba zan daɗe ba.

Kun riga kun ga lambar tun ranar Juma'a, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi, gara in faɗe ta da bakina. An ba mu taget na kwangilar sola 240 a wata ukun nan, mun kawo 204. Kashi 85 cikin ɗari kenan, saura 36 ba mu kai ba. Cikakken bonas babu shi wannan karon, kwamishan ɗinku na abin da kuka sayar kuwa yana nan ba wanda zai taɓa shi. Kuma tunda na san abin da ke cin ran wasunku tun ƙarshen mako, bari in cire muku shi tun yanzu: ba a kori kowa ba, ba kuma wanda na kai sunansa sama. Da manyan suka zaunar da ni suka ce waye ya jawo, na ce ni ne shugaban sashen nan, ni za ku tambaya.

Wallahi abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Saboda na ga wahalar da kuka sha. Na ga makon ƙarshen nan yadda ƙarfe takwas na dare ana nan fitila a kunne, wani ya cire takalmi yana zagaye tebur da waya a kunne muryarsa har ta dishe, wata tana ta gyara kwateshan karo na huɗu saboda kwastoma ya sake canza yawan batir ɗin da yake so, ba wanda ya ce ku zauna, ku kuka zauna. Mai cewa ba ku yi aiki ba bai shigo ɗakin nan ba. To amma fa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da muka yi kenan, ni da ku duka.

Na kwana biyu da fayil ɗinmu ina bi layi layi, don ruwa ba ya tsami banza. Ina shiga da tunanin zan tarar farashi ne ya kayar da mu, ko abokan hamayya, don shi ne abin da nake ta ji a mitin, "oga kayanmu sun yi tsada, oga kasuwa ta yi sanyi". Akwai gaskiya a ciki, kasuwar ba ta da daɗi, mutane suna riƙe kuɗinsu, na sani. Amma ga abin da na gani. Mun tura kwateshan 612, an sa hannu a 204, wato ɗaya cikin uku, kuma wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan, haka muka saba yi ko a lokutan da muke wuce taget. Saura 408. A cikin 408 ɗin nan akwai 150 da tun ranar da aka tura musu takarda ba wanda ya sake kiransu. Ko sau ɗaya. Mutum ya ba ka lokacinsa, ka je ka auna rufinsa, ka lissafa wutar da yake sha, ka dawo ka zauna ka haɗa masa lissafin fanel da inbata da batir, ka tura ta imel, sannan shiru, kana jira shi ya neme ka.

Ku yi lissafin da kanku. Ko ɗaya cikin huɗu na mutanen nan 150 ne suka saya, 37 kenan, mu kuma 36 muke nema. Kun ga ashe taget ɗin yana kwance cikin kwamfutocinmu, ba a hannun wani kamfani yake ba.

Ranar Asabar na ɗauki guda goma daga cikinsu na kira da kaina, ina so in ji da kunnena. Uku ba su ɗaga ba. Biyu sun ce sun saya a wani wuri, ɗayan ma da na tambaye shi ko an yi masa sauƙi ne a can ya ce a'a, kusan ɗaya ne, kawai dai su sun yi ta zuwa. Akwai wani dattijo mai makaranta, da na faɗi sunan kamfaninmu sai ya yi ɗan shiru ya ce, "Ai na ɗauka kun fasa ne, takardarku tana nan cikin durowa ta, akwai abu ɗaya da ban gane ba game da garanti ɗin batir, na ce in yaronku ya dawo zan tambaye shi." Wata biyu yana jira a amsa masa tambaya ɗaya! Minti biyar na yi ina masa bayani, ya ce a zo ranar Laraba. Ban faɗi wannan don in kunyata mai fayil ɗin ba, ya san kansa, mun riga mun yi magana mu biyu kuma shi zai je ranar Laraban, kwamishan ɗin ma nasa ne.

Kuma na san dalilin da ya sa ba a kira. Ba lalaci ba ne. Tsoro ne. Muddin ba ka kira ba cinikin yana nan da rai a ranka, kana iya sa shi a ripot ka ce ana kan magana, in ka kira kuwa yana iya ce maka a'a shikenan ya mutu. Na yi shekara tara ina yawon talla kafin in zauna kujerar nan, na san yadda yatsa ke nauyi a kan lambar mutumin da kake ganin zai ƙi. Amma "a'a" ba ta taɓa kashe kowa ba, tana ma ba ka dama ka share sunan ka sa ƙarfinka wani wuri. "Zan yi tunani" da aka bari ta kwana arba'in ita ce ke cinye mu.

Yanzu nawa laifin. Kun san cinikinmu daga ranar haɗuwa ta farko zuwa sa hannu yakan ɗauki kamar mako shida, wani lokaci ya fi. Ma'ana abin da ba a shuka daga watan farko zuwa tsakiyar na biyu ba, ba za a girbe shi a na uku ba. Ni kuma a watan farkon nan me na yi? Na cika ku da mitin, sau uku a mako, na ƙara muku sabon fom na ripot da ke cin kusan awa guda kullum, na tsare ku a ofis lokacin da ya kamata kuna waje. Sannan da na ga lamba tana ƙasa a mako na bakwai ban buga ƙararrawa ba, na ce za mu cike a ƙarshe kamar yadda muka saba. A makon ƙarshe kuma na yi ta sa hannu a ragi, duk wanda ya shigo ya ce oga a rage masa sai in rage, mun sami lamba amma mun ci ribarmu, mun kuma koya wa kwastoma cewa in ya jira ƙarshen kwata zai samu da araha. Wannan kuskurena ne, na ɗauka, ba zan sake ba.

Abin da za mu canza ba shi da yawa. Mitin ya koma sau ɗaya, Litinin da safe, minti talatin a tsaye. Fom ɗin nan na rage shi zuwa layi biyar. Duk kwateshan da ya fita, cikin awa 48 a kira mai shi, kuma kada a ajiye waya sai an tsayar da ranar magana ta gaba, rana da lokaci, ba "sai na ji ka" ba. Kuma don Allah in kun kira ku daina tambayar "ka ga takardar?", ku tambaye shi me ya tsaya masa, wa kuma zai sa baki kafin a biya, don sau da yawa wanda muke ta zama da shi ba shi ke riƙe da alƙalami ba, akwai akawu ko mai gida a bayansa da ba mu taɓa gani ba.

Ƙanwata da ke zaune bakin taga, ki yi haƙuri zan ambace ki. Wata bakwai kacal da fara aiki, ita ta rufe kwangilar asibitin nan da mu duka muka cire rai. Sau biyar ta koma. A zuwa na uku aka bar ta awa biyu a benci ba wanda ya kula ta, ta dawo idonta ja, na ce ki bar su, ta ce oga bari in ƙara gwadawa, ashe a zaman bencin nan ta lura janaretansu sau biyu yana mutuwa, da wannan ta koma musu, ba da takardar talla ba. Ranar Alhamis za ta zauna da mu ta nuna mana yadda ta bi, manya da ƙanana kowa zai zo, ni ma zan zo da littafina.

Taget na kwata mai zuwa 240 ne, bai canza ba. An so a ɗora mana 36 ɗin a kai, na roƙa aka bari, na kuma ce musu na tsaya muku. Mu goma sha biyu ne masu fita, giɓin da muka bari ciniki uku ne kowane mutum, ɗaya a wata. Ku dube ni da kyau, akwai wanda zai ce ba zai iya ƙara ciniki ɗaya a wata ba a ɗakin nan? Ni ban ga shi ba. Ni na ɗauki yawancinku aiki, na san abin da na gani a jikinku ranar intabiyu, kuma wata uku marasa daɗi ba su goge shi ba.

Wanda ciniki ya cije masa kada ya ɓoye har sai ya ruɓe, ya zo ya same ni, zan shiga mota mu je tare, Talata da Laraba na ware su don wannan kawai. Wanda kuma wani abu ke damunsa a gida da ya hana shi sukuni, ƙofata a buɗe take, maganar ba za ta wuce mu biyu ba.

Ga sunayen nan 140 da suka rage na buga su, na raba, kowa zai sami sha ɗaya ko sha biyu, kuma da gangan na ba kowa na wani ba nasa ba, don sabuwar murya takan buɗe ƙofar da ta rufe. In ciniki ya faɗa ku raba kwamishan biyu da mai fayil na asali. Ku sha ruwa, ku ɗauki takardunku a nan teburin, ƙarfe goma daidai mu fara kira, ni ma na ɗauki bakwai da suka rage cikin goman nan nawa banda biyun da suka riga suka saya da dattijon Laraba, ina nan tsakiyarku zan zauna in yi. Ƙarfe huɗu mu haɗu a nan kowa ya faɗi abin da ya ji. Allah Ya ba mu sa'a, bismillah.