Takardar Neman Sake Duba Albashi

10 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Manajan Darakta,
Ta hannun Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in roƙi a sake duba albashina, a daidaita shi da muƙamin da nake riƙe da shi a yanzu.

Kamar yadda ka sani, tun ranar 3 ga Maris, 2025 aka ɗora mini shugabancin Sashen Saye da Ajiyar Kaya, bayan ritayar wanda yake kan kujerar. Takardar da aka ba ni ta nuna cewa za a duba albashina idan na kammala gwajin wata uku. Gwajin ya ƙare a farkon watan Yuni, an kuma tabbatar mini da muƙamin a rubuce, amma har yau albashin mataki na 7 nake karɓa, wato na jami'ar sito, alhali kujerar tana kan mataki na 10 a tsarin albashin kamfani.

A da aikina bai wuce karɓar kaya da shigar da su cikin rajista ba. Yanzu ma'aikata 9 ne a ƙarƙashina, ni nake sa hannu a kan kowace odar saye, ni nake zama da masu kawo mana kaya a yi ciniki, kuma idan masu binciken kuɗi suka zo, ni ake kira in yi bayanin duk wani giɓi da aka gani tsakanin rajista da abin da ke cikin sito. A ƙidayar kaya ta watan Satumba ba a sami giɓi ko ɗaya ba, rahoton wata-wata kuma, wanda a da yake kaiwa mako na biyu, yanzu yana isa ofishinka kafin ranar 5 ga wata. Ina jin daɗin wannan aiki ƙwarai, kuma na gode da amanar da aka ba ni.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun da da albashi ake lissafa kuɗin fanshon da ake tara mini, kowane wata da ya wuce a haka yana rage abin da zan tarar bayan na bar aiki.

Saboda haka ina roƙon a mayar da ni mataki na 10 tare da alawus ɗin da ke tafiya da shi, a kuma biya ni bambancin tun daga watan Yuni. Idan akwai wani dalili da ya jawo jinkirin, zan so a ba ni lokaci mu zauna kafin a rufe lissafin albashin wannan wata. Na haɗo kwafin takardun biyu da na ambata.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Rabi'atu Sani
Shugabar Sashen Saye da Ajiyar Kaya